Muryar da Ta Makara

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi a maɗaba'ar nan, kuma abin da suka ga ya dace su sallame shi da shi, shi ne su zaunar da shi gaban kwamfuta ya juye musu duk abin da ke kansa kafin ya fita. Manaja ne ya kawo shawarar. Ya ce a ɗauki fuskar kwamfutar a bidiyo, Baba yana aiki yana bayani, domin wanda zai gaje shi ya riƙa kallo yana bi. Ni da na ji, sai na ce an ci moriyar ganga za a yar da kwaurenta. Baba ya ce in iya bakina, ilimi ba a zuwa kabari da shi.

Aikin Baba shi ne jera shafuka. Ba ɗaya bayan ɗaya ake buga shafukan littafi ba. Takarda ce babba, shafi takwas a gaba, takwas a baya, wasu a tsaye wasu a kife, sai an ninke ta an yanke sannan su bi juna daidai. Baba ne yake tsara wannan a kwamfuta kafin a fitar da farantan da ake ɗaura wa inji. In ya kuskure, littafi dubu goma ya kuskure tare da shi. Bai taɓa kuskurewa ba, har ma'aikata suka sa masa suna Baba Ma'auni.

Ya yi musu bidiyon, awa biyu da minti ashirin, ya tattara kofin shayinsa da tabarau ya dawo gida. Mako uku yana zaune a falo yana gyara mana rediyon da ba ta lalace ba. Ranar Talata ta mako na huɗu aka kira shi a waya.

Wanda ya gaje shi, wani mai takardu da ma'aikata ke kira Mai Digiri, ya bi bidiyon ya tsara littafin lissafi na 'yan aji huɗu. An buga dare da rana saboda makarantu na jira. Sai da aka zo ninkewa aka ga bayan kowace takarda a kife yake. Ka karanta shafi na uku, sai ka juya littafin ƙasa ya koma sama kafin ka karanta na huɗu. Mai Digiri bai yi gardama ba, ya kunna bidiyon a gaban kowa. Ga kibiyar kwamfuta ta je kan wani ɗan akwati ta sa masa alama, ga muryar Baba tana cewa, "Wannan, kullum ka tabbata da alama a kansa." Akwatin nan kuwa shi ne mai kifar da bayan takarda.

Ba wanda ya ce wa Baba mugu a kan idonsa. Abin da Manaja ya ce shi ne, "Baba, in ranka bai so tafiyar ba, ai da ka faɗa." Sannan ya ce ya dawo aiki na wucin gadi, tunda yanzu ba mai yarda da bidiyon, kuma ba mai iya aikin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Baba ya koma. Kullum da safe Mama tana goge masa rigarsa mai aljihu biyu, ya sa biro a ɗaya, ma'auni a ɗaya, ya fita da sauri kamar yadda ya saba. Abincinsa ya dawo, barcinsa ya dawo. Amma da yamma sai ya shigo shiru. Dogo, mai tuƙa babban inji, wanda suka yi shekara ashirin suna raba burodi ɗaya, yanzu daga nesa yake ɗaga masa hannu. In Baba ya shiga ɗakin shan shayi, hira sai ta mutu.

Ni sana'ata haɗa bidiyo ce. Ina da ɗan shago a bene na biyu, saman wani mai gyaran waya, ina yanka wa mutane bidiyon taro da darussan da malamai ke sa wa a intanet. Ranar Asabar da hantsi na ji takun Baba a matakala, yana hawa yana hutawa. Bai taɓa zuwa shagona ba, domin a ganinsa wanda bai taɓa tawada ba bai yi aiki ba. Ya zauna a kujerar baƙi, ya ajiye mini wayarsa a tebur.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "duba mini wannan abin. Muryar tawa ce, ban musa ba. Amma ni ban faɗi haka a kan wancan akwatin ba. Ko na fara ruɗewa ne ban sani ba?"

Wannan tambayar ce ta soke ni. Mutumin da ke gane karkatar rabin milimita da ido, an kai shi ga zargin hankalinsa.

Na juye bidiyon a kwamfutata. Farkonsa ga tambarin kamfani yana juyi da kiɗa, abin da na san Baba ba zai taɓa sa wa ba. Na ce wa ya sa wannan? Ya ce Manaja ne, da kansa, ya ce zai ɗan ƙawata shi kafin a ba yaron. Na ci gaba.

A irin wannan bidiyon babu fuska, babu leɓe, kibiya ce kawai da murya. In murya da hoto sun rabu, ido ba ya kamawa, don babu bakin da za ka ga yana motsi ba a kan magana ba. Amma Baba yana da wani tsohon maus, wato linzamin kwamfuta, da ya ƙi rabuwa da shi, mai ƙara ƙas kamar an karya ashana, kuma makirfon ya ɗauki kowane dannawa. A zanen sautin da ke ƙasan allona, kowane ƙas ya fito kamar ƙaya. Sai na riƙa neman inda maɓalli ya lotsa a hoto, in auna tsakaninsa da ƙayarsa.

A minti na biyu, tare suke. A minti na ashirin, maɓalli yana lotsawa, sai bayan daƙiƙa uku a ji ƙas. A awa ɗaya, daƙiƙa goma sha biyu. Na tsallaka zuwa awa ɗaya da minti arba'in da bakwai, wurin da aka kama Baba da shi. Daƙiƙa arba'in da ɗaya hoto ya riga murya. Na je ƙarshe, na tarar hoton ya ƙare saura kusan minti guda, Baba yana ta magana, sai Manaja ya toshe gurbin da tambarin kamfani. Ya ga ramin da idonsa, ya shimfiɗa masa tabarma.

"Baba, ba ka ruɗe ba," na ce. "Hoton ne yake gudu ya bar muryarka a baya. Lokacin da kake cewa a sa alama, kana kan wani akwatin ne daban. Wannan da suka gani, daga baya ka zo kansa."

Ya cire tabarau ya goge. "Na sa masa alama ne don in nuna masa ɓarnar da yake yi, sannan na cire. Na tuna. To yaron bai ga shafukan sun kife a allo ba?"

"Baba, ai rabin shafukanka kullum a kife suke. Sabon hannu ina zai bambance?"

Ya gyaɗa kai. "Zai gyaru?"

Na fara da dabarar da kowa ke farawa da ita. Na raba hoto da murya, na daidaita farko, na ja hoton na rage masa gudu har ƙarshensa ya zo daidai da kalmar Baba ta ƙarshe. Da a ce gudun bai-ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, da shi ke nan. Na koma awa ɗaya na duba, sai na ga yanzu hoton ne ya makara da daƙiƙa goma sha uku. Ashe ba tafiya ɗaya yake yi ba, tsalle yake yi, wani wuri ya tsaya cak, wani wuri ya zabura. Na bi wuraren da ya zabura ɗaya bayan ɗaya, sai na gane ciwon.

Bidiyo hotuna ne a jere. Kyamara tana ɗaukar adadi ɗaya kowace daƙiƙa, a ce talatin. Amma manhajar ɗaukar fuskar kwamfuta tana da rowa: in allo bai motsa ba sai ta rage ɗauka, ta rubuta wa kowane hoto lokacin da ya kamata ya fito da tsawon zamansa. In an kunna ainihin fayil ɗin, komai daidai yake. Manaja kuwa ya zuba shi a wata manhajar yanka ta kyauta, wadda ba ta kula da wannan rubutun yadda ya kamata ba, ta jera hotunan kamar duk tsawonsu ɗaya. Duk inda allo ya daɗe bai motsa ba, sai hoton ya gajarce, murya kuwa tana nan da tsawonta.

Kuma ina ne allo ya daɗe bai motsa ba? Inda Baba ya saki maus ya tsaya bayani. Inda yake cewa, "Ɗana, saurara da kyau, nan ne ake faɗawa rami." Duk wurin da ya tsaya ya kyautata wa yaron, nan hoton ya ƙara tsere masa. Da ya yi musu aikin gaggawa irin na wanda aka kora, ya danna ya wuce, da ba a sami ratar da za a rataye shi da ita ba.

Na ce masa wannan kwafin ba zai gyaru da kyau ba, lokutan sun goge, sai dai in yanka shi gunduwa-gunduwa in yi ta liƙi, kuma ko na yi za a ce ni na shirya wa ubana. Sai da ainihin fayil ɗin. Na kira Manaja a waya. Ya ce ai ya share, ya cika masa kwamfuta, me zai yi da shi tunda ga mai kyau ya fito?

Wallahi da na ajiye wayar, wani sanyi na ji a raina. Babu asali, babu gyara. Babu gyara, babu bidiyo. Babu bidiyo, Baba na da aiki. Na buɗe baki zan ce masa mu haƙura, sai na ga yana laluben aljihun ma'auninsa. Ya fito da wani ɗan filas na ajiyar fayil da aka ɗaure da zaren ɗinkin littafi, an manna masa takarda da kwanan wata da rubutunsa mai kyau.

"Ba a yar da asali sai aiki ya isa hannun mai shi," ya ce. "Na kwafa tun ranar, kafin in ba shi."

Na riƙe filas ɗin ban sa ba. Na ce, "Baba, ka san abin da zai faru in na gyara? Don bidiyon ya lalace suka dawo da kai. Ranar da ya gyaru, ranar za su ce ka huta."

"Na sani."

"To bar su da kayansu mana! Su suka ɓata. Ka ci gaba da aikinka, nan da wata shida kowa ya manta."

"Dogo ba zai manta ba," ya ce. "Uwata, kullum in na shiga, kallon da suke mini na wanda ya haƙa wa yaro rami ne. Kina so in ci abinci da wannan? Sa abin nan."

Na sa. Na kunna asalin, ƙas da maɓalli suna tafe tare har ƙarshe. Na ba wata manhaja shi ta mayar da shi hoto talatin a kowace daƙiƙa, tana bin lokutan da ke rubuce, duk inda aka yi rowa ta maimaita hoton har ya cike gurbinsa, don kada wata manhajar yanka ta sake cin wani wuri. Aikin ya ɗauki fiye da awa guda. Baba ya zauna yana kallon ɗan layin da ke cika a hankali, ni kuwa ina addu'ar wuta ta ɗauke. Ba ta ɗauke ba. Na auna a wuri goma, ko ƙyas babu rata.

Ranar Litinin na bi shi maɗaba'ar. Ofishin Manaja akwatin gilashi ne a saman ɗakin injuna, kana jin bugun inji ta tafin ƙafarka. A bakin ƙofa ga tarin littafin lissafin nan an ɗaure, har ya kai ƙugu. Na ce a kira Dogo da sauran su gani. Manaja ya ce aiki ya yi yawa, ba sai an tsayar da inji ba. Baba ma sai aka ce ya sauka, akwai farantan da ke jiransa. Muka rage ni da Manaja da Mai Digiri.

Na kunna musu nasu, na kunna musu asalin, wuri ɗaya. A asalin, kibiya tana kan akwatin alamomin yanka lokacin da Baba ke cewa kullum a tabbata da alama. Bayan daƙiƙa arba'in da ɗaya ta iso kan mai kifarwar, sai muryar Baba ta ce, "Wannan kuwa, ɗana, ko da wasa kada ka taɓa shi a injinmu. Bari in sa maka ka ga abin da yake yi." Ƙas. "Ka gani? To na cire." Ƙas.

Mai Digiri ya sunkuyar da kai, ya ce, "Innalillahi." Shi dai na ga kunya a fuskarsa. Na yi wa Manaja bayanin inda ratar ta fito, a hankali, da ladabin da ban san ina da shi ba, har da minti gudan da ya rufe da tambari. Ya saurara yana juya biro.

"Ashe," ya ce. "Kai, waɗannan manhajojin ba su da tabbas." Ya kalli allo. "Yanzu dai wannan ya gyaru ke nan? Ba zai sake ba?"

"Ba zai sake ba, ranka ya daɗe. Amma akwai maganar da aka yi a kan mahaifina a gaban mutane."

"Ai ba wanda ya zarge shi, Hajiya. Rashin fahimta ne, ya wuce." Ya jawo kujera kusa. "Tunda hannunki ya faɗa, ki yanka mana shi kashi-kashi, minti biyar-biyar. Wuraren nan da Baba yake tsayawa dogon surutu, ki rage su, tunda kin ce su suka jawo matsalar."

Ban ce su suka jawo ba. Ya san ban ce ba. Na zare filas ɗin Baba, na bar musu gyararren a kan tebur kamar yadda Baba ya umarce ni, na ce su nemi mai yanka musu. Ina saukowa daga matakala na hangi Dogo a kan injinsa, na nufe shi ina ɗaga murya, amma ƙarar ta cinye maganata. Ya nuna kunnensa, ya nuna agogo, ya juya ga takardunsa.

Ranar Alhamis aka gode wa Baba da taimakon da ya yi na wucin gadi.

Da safiyar Juma'a na biya gida. Mama ta goge rigar mai aljihu biyu saboda sabo, ta rataye ta a bayan ƙofa, ta rasa wanda za ta ba. Baba yana falo, rediyon nan a buɗe a gabansa. Bai tambaye ni komai ba tun Litinin, sai ranar.

"Manaja ya ga wurin?"

"Ya gani."

"Me ya ce?"

Na so in ƙirƙiro masa ban-haƙuri mai kyau, amma ba a yi wa Baba Ma'auni ƙarin ko rabin milimita. Na ce, "Cewa ya yi, ashe."

"Dogo fa?"

"Inji na aiki, Baba. Ba a kira su ba."

Ya daɗe yana juya ɗan sukudireba a hannunsa. Na zauna ina jira ya yi fushi, ko sau ɗaya a rayuwarsa, in taya shi. Ni na gyara abin da hannuna, na auna shi wuri goma, na ɗauka na kai musu wuƙar, kuma ko wanke sunan da muka saya da aikin nasa bai sauko daga akwatin gilashin nan ba.

"Uwata," ya ce, "akwai abin da ya hana ni sukuni. Na saurari gyararren bidiyon nan da kika ba ni duka, ban ji inda na ce masa ya ninke takarda ɗaya da hannu kafin a saki inji ba. Ni kullum ina yi, har na daina ganinsa a matsayin aiki. Da na faɗa, da ko hoton ya gudu yaron zai kama kuskuren a takardar farko. Wannan laifina ne." Ya gyara zama, ya yi gyaran murya. "Kunna wayarki ki ɗauka, minti ɗaya ne. Ki liƙa musu a ƙarshe."

"Baba, sun kore ka sau biyu."

"Littafin yara ne," ya ce. "Kin kunna?"

Na kunna. Ya fara da "Ɗana, saurara da kyau," ni kuwa na riƙe masa wayar da hannu biyu.